Daga takarda zuwa doka: hanyar da ƙuduri ke bi a tsarin firaminista

Kusan kullum in an buɗe radiyo da safe sai ka ji labari irin wannan, wai majalisar wata ƙasa ta amince da ƙudurin doka kaza a karatu na biyu, ko wai ƙuduri ya tsallake ya tafi majalisar dattawa. Kafin a sauke shayi na biyu a fada labarin ya riga ya koma "an kafa doka", wani ma ya tura a waya yana cewa daga gobe za a fara kama mutane. Bayan wata shida sai a sake jin sunan wannan doka ana cewa har yanzu ana muhawara, nan sai gardama ta tashi tsakanin mai cewa ƴan jarida ƙarya suke da mai cewa an soke ne aka sake kawowa. A mafi yawan lokaci babu wanda ya yi ƙarya kuma ba a soke komai ba, takardar ce take kan hanya, hanyar kuma tana da zango-zango.

A nan Damagaram ruɗanin ya ɗan ninka, don muna jin labari ta kunne biyu. Ta ɓangaren Kano da tashoshin waje muna jin kalmomin tsarin Ingila, karatu na farko, na biyu, na uku. Ta ɓangaren Yamai kuma mun saba da na Faransa, furoje, komisiyon, dikire. Sunaye ne suka bambanta amma ƙashin bayan abin kusan ɗaya ne.

Ƙuduri daban, doka daban, dikire daban

Ƙuduri ko daftarin doka takarda ce da ake neman ta zama doka. Ba ta ɗaure kowa, ɗan sanda ba ya iya tsayar da kai da ita, alƙali ba ya iya yanke hukunci da ita, ko da kuwa an kwana ana muhawara a kanta a telbijin. Doka ita ce wannan takardar bayan majalisa ta amince da ita kalma da kalma, shugaban ƙasa ko sarki ya sa hannu, an kuma buga ta a jaridar gwamnati. Dikire ko ƙa'idojin aiwatarwa kuma su ne bayanan da gwamnati ke fitarwa daga baya da ikon da dokar ta ba ta, irin su nawa ne tara, wane ofis ne zai karɓa, yaushe za a fara. Mutum na iya riƙe waɗannan ukun kawai ya warware rabin gardamar fada.

Sai kuma shi tsarin firaminista kansa. A wannan tsari mutane ba su zaɓen shugaban gwamnati kai tsaye, dipite suke zaɓe, duk jam'iyya ko ƙawancen da ya samu rinjaye a majalisa shi ke fitar da firaminista da ministoci. Gwamnatin tana raye ne muddin majalisa na tare da ita, ranar da rinjaye ya juya mata baya ta faɗi. Haka ake yi a Birtaniya, Indiya, Jamus, Kanada, Habasha. Maƙwabtanmu na Najeriya ma da shi suka fara daga 1960 zuwa 1966 lokacin Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga baya a 1979 suka koma tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko. Mu kuma a ƙarƙashin kundin tsarin mulki na 2010 namu haɗe-haɗe ne irin na Faransa, ga shugaban ƙasa da jama'a suka zaɓa ga kuma firaminista da majalisa ke iya tsigewa, majalisar kuma guda ɗaya ce mai kujeru 171. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da wannan kundi, dokoki na fitowa ne ta hanyar odonansi, wato umarnin da masu mulki ke fitarwa ba tare da ƙuri'ar majalisa ba, shi ya sa matasa da yawa ba su taɓa bin sawun ƙuduri ɗaya daga farko har ƙarshe ba.

Abin da ya kamata a riƙe daga wannan bayani shi ne, a tsarin firaminista wanda ya kawo ƙuduri da wanda zai jefa masa ƙuri'a ƴan gida ɗaya ne. Wannan ne ke bayyana duk abin da zai biyo baya.

Aikin da ake gamawa kafin a shiga zaure

Yawancin ƙudurorin da ke zama doka daga gwamnati suke fitowa, ba daga dipite ɗaya ba. Ma'aikata ce ke fara rubuta abin da take so, a tuntuɓi waɗanda abin ya shafa, lauyoyin gwamnati su zuba shi cikin harshen doka aya-aya, sannan a kai majalisar ministoci. A ƙasashe masu bin salon Faransa akan nemi ra'ayin majalisar mashawarta kan shari'a da ake kira Konsai Deta kafin ministoci su amince. In ka ji sanarwar taron ministoci ta ce "an amince da furojen doka kaza", ma'anarta an yarda a aika shi majalisar dokoki, ba wai ya zama doka ba. Wannan na cikin wuraren da aka fi yin kuskure a nan wajenmu.

Dipite shi ma yana da ikon kawo nasa ƙudurin, sai dai ƙofarsa ƙarama ce. A Birtaniya ana yin ƙuri'ar sa'a a farkon kowane zangon majalisa a fitar da sunaye 20, kuma ranakun Juma'a 13 kawai aka saba ware wa irin waɗannan ƙudurori, to in gwamnati ba ta so abin ba sai wasu su yi ta dogon jawabi har lokaci ya ƙare ba a kai ga ƙuri'a ba. A Faransa aya ta 40 ta kundin tsarin mulki ta hana dipite kawo abin da zai ƙara wa baitulmali nauyi ko ya rage masa kuɗin shiga. Shi ya sa in ɗan takarar dipite ya tsaya a kasuwar Dole yana cewa in ya je zai kawo dokar ƙarin albashi, tambayar da ta dace a yi masa ita ce ko jam'iyyarsa za ta kafa gwamnati, don kuɗi a hannun gwamnati suke.

Karatu uku

Sunan karatu ya samo asali ne daga zamanin da ba a buga takardu da yawa, sai magatakarda ya miƙe ya karanta ƙudurin da baki kowa ya ji. Yanzu sunan ne ya rage. A majalisar wakilan Birtaniya karatu na farko minti ɗaya ma ba ya kaiwa, a faɗi sunan ƙudurin, a ba da umarnin buga shi, ba muhawara ba ƙuri'a.

Karatu na biyu shi ne babbar muhawara, amma a kan manufa gaba ɗaya. Tambayar ita ce, mun yarda a yi doka a kan wannan lamari ta wannan fuska ko ba mu yarda ba. Ba a gyara ko kalma ɗaya a nan. Minista ya yi bayani, ƴan adawa su mayar da martani, a jefa ƙuri'a. Gwamnati mai rinjaye kusan ba ta taɓa faɗuwa a wannan mataki, a Birtaniya rabon da ƙudurin gwamnati ya faɗi a karatu na biyu tun 1986, kan batun buɗe kantuna ranar Lahadi lokacin Margaret Thatcher. Dalili shi ne kowace jam'iyya tana da masu tsawatarwa, waɗanda aikinsu su ƙirga kawuna su tabbatar kowa ya zo ya jefa inda aka ce, dipiten da ya bijire kuma yana iya rasa tikitin takara a zaɓe mai zuwa. Saboda haka labarin "ƙuduri ya tsallake karatu na biyu" ba wani abin mamaki ba ne, abin dubawa shi ne mutum nawa daga cikin ƴan gida suka ƙi bi.

Daga nan sai kwamiti, wanda muke kira komisiyon. Nan ne ake ainihin aikin kuma nan ne kamara ba ta cika zuwa ba. Dipite kaɗan ne, a Birtaniya sau da yawa ba su kai 20 ba, an raba kujerun daidai da ƙarfin jam'iyyu, su bi ƙudurin aya bayan aya, su saurari masana da ƙungiyoyi, kowa ya kawo gyaransa a jefa ƙuri'a. A salon Faransa ma komisiyon ce ke fara karɓar takardar kafin zaure, ta naɗa mai rahoto. A ɗauka misali ana son dokar sa kaske ga masu babur. In aya ta ce "direba zai sa kaske", ɗan kabu-kabu kaske ɗaya zai saya. In wani a kwamiti ya ƙara "da wanda ya ɗauko", ya zama biyu kenan, kuma sai a tambaya wa zai biya tara in fasinja ta ƙi sawa. In aka rubuta "minista zai iya fitar da ƙa'ida" maimakon "minista zai fitar da ƙa'ida cikin wata shida", to dokar na iya kwana shekaru a aljihun tebur ba wanda ya karya doka. Kalma biyu uku ne, amma su ne ke isa ga mutumin da ke tsaye da babur a ƙofar tasha.

Bayan kwamiti takardar na komawa zaure a matakin rahoto, inda duk dipite ke da damar kawo gyara, sannan karatu na uku, ƙuri'ar ƙarshe a kan rubutun yadda ya zama.

Yadda dokar hana shan taba ta Ingila ta sauya a hanya

Misalin da zai nuna wannan a fili shi ne dokar hana shan taba a wuraren jama'a ta Ingila. A zaɓen 2005 jam'iyyar Leba ta Tony Blair ta yi alkawarin hana shan taba a wuraren aiki da rufaffun wuraren jama'a, amma da togaciya, mashayar da ba ta sayar da abinci da kulob na mambobi ba za a taɓa su ba. Ministocin kansu ba bakinsu ɗaya ba, wasu na son a hana gaba ɗaya wasu na cewa a bar wa talaka wurin da zai sha tabarsa, to abin da aka kawo majalisa a watan Oktoba 2005 sulhu ne na cikin gida, da togaciyar a ciki. Ministar lafiya Patricia Hewitt ce ta kawo.

Ƙudurin ya wuce karatu na biyu a ƙarshen Nuwamba kamar yadda aka zata, tun da gwamnati na da rinjaye. Wanda ya tsaya a labarin wannan rana zai tafi da cewa an bar shan taba a wasu mashayun. Amma a watan Disamba kwamitin majalisa mai sa ido kan harkar lafiya, wanda shugabansa ma ɗan jam'iyya mai mulki ne, ya fitar da rahoto yana cewa togaciyar ba adalci a cikinta kuma ba za ta yi aiki ba. Hujjarsu mai sauƙi ce, in manufar dokar kare ma'aikaci ne daga hayaƙin da ba shi ya kunna ba, to mai aiki a wurin da ba a dafa abinci shi ma huhu gare shi, kuma irin waɗannan wurare sun fi yawa a unguwannin marasa ƙarfi. Ƙari a kan haka wasu masu mashaya za su daina sayar da abinci kawai don su kauce wa dokar. Dipitocin Leba da yawa suka nuna ba za su bi ba.

Nan lissafin tsarin firaminista ya shigo. Gwamnati ta ga in ta matsa da bulala tana iya shan kaye a hannun ƴaƴanta, abin kunya kuma ga firaminista, sai ta saki ƙuri'ar, ta ce kowa ya jefa yadda zuciyarsa ta ba shi. Ranar 14 ga Fabrairu 2006, a matakin rahoto, majalisa ta cire togaciyar mashayu, ta kuma haɗa har da kulob na mambobi da ratar ƙuri'a 200. Ita kanta ministar da ta kawo ƙudurin ta jefa wa hanin gaba ɗaya. Takardar da ta fita daga majalisar wakilai ba ita ce wadda ta shiga ba.

Daga nan ta tafi majalisa ta biyu, ta dawo, Sarauniya ta amince ranar 19 ga Yuli 2006. Wata tara kenan daga shigarta. Amma ko a ranar ba a ci tarar kowa ba, don dokar ta bar wa minista ya fitar da ƙa'idoji, mene ne "rufaffen wuri", wane allo za a manna a ƙofa, nawa ne tara. Sai 1 ga Yuli 2007 hanin ya fara aiki a Ingila, tarar mai shan taba fam 50, mai wurin da ya bari ana sha kuma har fam 2,500. Daga alkawarin zaɓe zuwa ranar da abin ya taɓa mutum a kan titi an haura shekara biyu.

Mu ma a nan Nijar majalisa ta yi dokar yaƙi da shan taba a wannan shekarar ta 2006, dikiren aiwatar da ita kuma sai a 2008 ya fito. Tazarar da ke tsakanin doka da dikire ba ta wata ƙasa ɗaya ba ce.

Majalisa ta biyu da sa hannu

Ƙasar da ke da majalisa biyu, dole dukansu su yarda da rubutu iri ɗaya, ko waƙafi bai bambanta ba. In ta biyu ta yi gyara sai takardar ta koma ta farko, in ta farko ta ƙi sai ta sake dawowa, ana ta kai da komo. Amma a yawancin tsarin firaminista ba ƙarfinsu ɗaya ba, majalisar da ke riƙe da ran gwamnati ita ke da maganar ƙarshe. A Birtaniya dokokin 1911 da 1949 sun rage wa majalisa ta biyu ƙarfi, abin da take iyawa shi ne jinkirta ƙuduri na kusan shekara ɗaya, in na kuɗi ne wata ɗaya kacal. A Indiya ƙudurin kuɗi kwana 14 kawai majalisa ta biyu ke da su ta ba da shawara, shawarar ma ana iya ƙin ɗauka. A Faransa in kai da komo ya yi yawa ana haɗa kwamiti na dipite 7 da sanata 7 su nemi matsaya, in suka kasa gwamnati na iya ba majalisar dipitoci ta yanke.

Sa hannun shugaban ƙasa kuma shi ne wurin da masu kallon siyasar Najeriya ta yanzu ko ta Amurka ke yawan ruɗewa, don can shugaba na iya ƙin sa hannu ya mayar da ƙuduri, sai an samu kashi biyu cikin uku a danne shi. A tsarin firaminista zalla sarki ko shugaban ƙasa uba ne, ba shi ke mulki ba. Rabon da mai sarautar Birtaniya ya ƙi amincewa da ƙudurin da majalisa ta zartar tun 1708, zamanin Sarauniya Anne. Shugaban Indiya na iya mayar da ƙuduri sau ɗaya a sake dubawa, in majalisa ta sake zartarwa dole ya sa hannu. Kundinmu na 2010 ya ba shugaban ƙasa kwana 15 ya sa hannu, a cikinsu yana iya neman a sake nazari, ya kuma tanadi ƙofar kotun tsarin mulki in ana ganin wata aya ta saɓa wa kundi. Ita wannan ƙofa ta kotu babu irinta a Birtaniya, can kotu ba ta da ikon soke dokar da majalisa ta yi, a Jamus da Indiya kuwa tana da shi.

In rinjaye ya yi rauni

Duk abin da aka faɗa a sama yana tafiya sumul ne in gwamnati na da rinjaye. In babu, ƙuduri ɗaya na iya cin gwamnati. Ranar 15 ga Janairu 2019 majalisar Birtaniya ta yi watsi da yarjejeniyar ficewa daga Tarayyar Turai da firaminista Theresa May ta kawo, 432 suka ƙi 202 suka yarda, bayan wasu watanni ta sauka. Kasafin kuɗi ya fi kowane ƙuduri haɗari, don a al'adar wannan tsari gwamnatin da ta kasa samun kuɗin aiki daga majalisa ta rasa amincewa kenan, sai murabus ko sabon zaɓe.

Faransa na da wata ƙofa ta musamman, aya ta 49 sakin layi na 3. Firaminista ya ɗora ran gwamnatinsa a kan ƙudurin, ya ce an zartar ba tare da ƙuri'a ba sai dai in majalisa ta tsige shi. A Maris 2023 Élisabeth Borne ta bi ta nan da ƙudurin ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, ƴan adawa suka kawo ƙuri'ar yanke ƙauna suka samu 278 alhali 287 ake buƙata, ƙuri'a 9 suka rage, ƙudurin ya wuce. A Disamba 2024 Michel Barnier ya bi ta ƙofar nan shi ma kan kasafin kuɗin tsarin kula da jama'a, a wannan karon 331 suka jefa, gwamnatinsa ta faɗi.

Dattawan garin nan ba sai an ba su labari ba. A 1995 ƴan adawa suka ci zaɓen majalisa, Mahamane Ousmane na shugaban ƙasa, Hama Amadou na firaminista, aka shiga zaman ƴan marina, har zaman majalisar ministoci ya zama abin jayayya, kuma furojen doka ta nan yake bi kafin ya je majalisa. Rikicin ya ci gaba har juyin mulkin 27 ga Janairu 1996. Wannan matsala ce ta tsarin haɗe-haɗe inda iko ke da kai biyu, a tsarin firaminista zalla ba a samun irinta, tasu matsalar ita ce gwamnatocin ƙawance masu saurin wargajewa.

Abin da masu yabo da masu suka ke cewa

Masu goyon bayan tsarin suna cewa yana sa aiki ya tafi kuma yana nuna mai laifi. Jam'iyya ta yi alkawari, ta ci zaɓe, tana da ƙuri'un da za ta cika alkawarin, in doka ta yi muni ba ta da bakin cewa majalisa ce ta hana ni. Ministan da ya kawo ƙuduri kuma yana tsaye a zauren ana yi masa tambaya ido da ido.

Masu suka suna cewa wannan sauƙin shi ne haɗarin. In gwamnati da rinjaye abu ɗaya ne, wa zai taka mata birki, majalisa ta koma ƴan amshin shata. Suna kawo misalin dokokin noma uku na Indiya da aka zartar cikin kwanaki kaɗan a Satumba 2020 ba tare da an tura su kwamiti ba duk da ƴan adawa sun nema, manoma suka yi zaman dirshan a bakin birnin Delhi kusan shekara guda, a ƙarshen 2021 aka soke su. Gardamar da ba a yi a kwamiti ba aka yi ta a kan titi. Suna kuma ƙorafi kan ƙudurorin da ake rubutawa a dunƙule a bar duk bayanai ga dikire, don dikire ba ya shan binciken da doka ke sha.

Kowane ɓangare na da hujja a hannu. Labarin taba ya nuna rinjaye ba garken tumaki ba ne ko yaushe, ƴan gida ne suka tilasta wa gwamnati ta sauya, ba ƴan adawa ba. Labarin Indiya kuma ya nuna abin da ke faruwa in an tsallake zangon da ake sauraron mutane. Abin da ya raba su biyun shi ne lokacin da aka ba ƙuduri da kuma ko kwamiti ya samu damar yin aikinsa.

Inda abin ya shafi mai sana'a

Ga ƙungiyar ƴan kasuwa ko ta direbobi ko ta makiyaya da ke son a ji kokenta, lokacin magana shi ne tun takardar na ma'aikata, ko tana gaban kwamiti. A lokacin gyara aya ɗaya abu ne mai yiwuwa, musamman in an je da rubutu a hannu, aya ta kaza a cire kalma kaza a sa kaza, ga dalili. Ranar ƙuri'ar ƙarshe jam'iyyu sun riga sun ɗaure ƴaƴansu. Dipiten da ya fi amfani a wannan aiki kuma sau da yawa shi ne na ɓangaren masu rinjaye da ke cikin kwamitin, don gyaran da ya fito daga gida ya fi samun shiga. In an makara dokar ta wuce, akwai sauran dama a wajen dikire, tun da yawan tara da wa'adin shiri da jerin waɗanda aka yafe wa can ake rubuta su.

Wajen sauraron labari ma haka. In an ce ministoci sun amince, takarda ba ta shiga majalisa ba tukuna. In an ce karatu na biyu, an yarda da manufa ne, rubutun na iya sauyawa sosai. In an ce majalisa ta zartar, a tambaya ko akwai ta biyu, ko an kai ƙara kotun tsarin mulki. In an ce an sa hannu, a nemi ranar fara aiki, wadda yawanci tana cikin ayoyin ƙarshe na dokar. In kuma wani ya tsayar da kai a hanya ya ce sabuwar doka ta ɗora maka tara, doka na da lamba da kwanan wata, dikiren da ya faɗi adadin kuɗin shi ma na da nasa, tarar gaskiya kuma ana ba da rasit a kanta.